Yadda ake ƙin amsa gayyatar mitin cikin ladabi, a maye gurbinsa da gajeren kira ko rubutaccen bayani

A ofisoshinmu ba kasafai ake cewa "ba zan zo ba" kai tsaye ba. Abin da aka saba shi ne a ce "to, in sha Allahu", ranar mitin kuma a nemi mutum a rasa, ko ya shigo bayan an yi nisa ya zauna a baya yana latsa waya. Kunya ce ke jawo haka, amma wanda ya kira taron ya fi jin zafin wannan a kan a gaya masa tun da wuri. Ya tara mutane, ya saka ka cikin lissafi, ya zo ya tarar abin da yake nema daga wurinka babu. Hanyar da za a bi a nan ita ce ta ƙin zaman awa guda ba tare da an bar mai gayyata hannu rabbana ba: abin da ya sa ya kira ka, ka kai masa shi ta hanya mafi sauƙi, kuma a lokacin da ka yanka da bakinka.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Ke akanta ce a wata ƙungiya mai zaman kanta a Kano. Ranar Litinin da yamma gayyata ta shigo miki daga shugaban sashen ayyuka, wanda ba shi ne shugabanki kai tsaye ba amma ya girme ki a aiki: mitin ranar Laraba, ƙarfe 11 zuwa 12, mutum shida, take kuwa "Kasafin horo". Ƙarshen wata ne, albashi yana hannunki, kuma ranar Alhamis ne wa'adin miƙa shi banki. Awa ɗaya a ranar Laraba ba ƙaramin abu ba ce a wurinki, balle an san mitin ɗin ƙarfe 11 ba ya farawa sai 11 da kwata, ba ya kuma tashi sai an kira azahar.

Mataki na farko: gano abin da ake nema a wurinki

Kafin ki rubuta ko kalma ɗaya, ki tsaya ki tambayi kanki me mutumin nan yake so. Yawancin gayyata ɗayan abubuwa uku take ɗauke da shi. Ko dai ana son labari daga gare ki, kamar nawa aka kashe, nawa ya rage. Ko ana son a yanke shawara, kuma sai da amincewarki za ta yanku. Ko kuwa ana son a gan ki ne kawai, saboda baƙo zai zo, ko saboda akwai saɓanin da ake son a kashe a gaban kowa.

Wannan rabe-raben shi ne tushen komai, domin shi ke nuna abin da za ki miƙa a madadin zaman. Idan labari ake nema, rubutu ya fi, don lambobi sun fi zama daidai a takarda a kan a baki. Idan shawara ce guda ɗaya ko biyu, kira na minti 15 ya ishe ta. Idan kuma ganin ido ake so, ba a ƙin wannan, sai dai a nemi a sauya lokaci. Za mu dawo kansa.

To idan gayyatar ba ta faɗi komai ba fa, kamar tamu mai take kalma biyu babu ajanda? Sai ki tambaya. Tambayar ba rashin kunya ba ce, kuma sau da yawa ita kaɗai ke kashe mitin ɗin, domin mai gayyata kan gane da kansa cewa abin da yake so bai kai a tara mutum shida ba. Saƙo gajere ya isa:

"Salamu alaikum Malam, barka da yamma. Na ga gayyatar zaman Laraba kan kasafin horo. Don in shirya yadda ya kamata, wane ɓangare ake buƙata daga sashen kuɗi?"

A misalinmu sai ya amsa cewa yana son ya san abin da ya rage a kasafin, kuma masu ɗakin taron da za a yi horo na gaba sun ƙara kuɗi, yana so a duba ko za a iya biya. Yanzu kin san inda kika dosa: labari ɗaya, shawara ɗaya. Sauran abin da za su tattauna, irin su wa zai koyar da kuma ranakun horon, ba su shafe ki ba.

Mataki na biyu: amsa da wuri

Ki amsa a ranar da gayyatar ta zo, in ya yi nisa washegari da safe. Amsar "ba zan samu zuwa ba" da ta zo ranar Litinin taimako ce, domin mai taron yana da kwana biyu ya sake tsari. Ita ɗin dai in ta zo ƙarfe 10 da rabi na safiyar Laraba ta zama wulaƙanci, komai daɗin kalmomin da aka lulluɓe ta da su. Kada kuma ki danna "Maybe" ko "Tentative" alhali kin san ba za ki je ba. Wannan maɓallin na wanda da gaske bai sani ba ne, ba mafakar mai jin nauyi ba.

Mataki na uku: rubuta saƙon

Nan ne aikin yake, don haka za mu ɗan daɗe. Saƙon yana da gaɓoɓi biyar, kuma jerinsu yana da tasiri.

Gaisuwa ce farko. A wasu wurare ana iya shiga magana kai tsaye, amma Bahaushe in ya buɗe saƙo ya ga babu sallama, babu "ina wuni", ya riga ya karanta sauran da wata fuska daban. Layi ɗaya ya wadatar. Ki kira mutum da abin da ake kiransa a ofis: Malam, Hajiya, Alhaji, Dakta, Yallaɓai, ko ranka ya daɗe in babba ne ƙwarai.

Na biyu, ki nuna kin fahimci abin da ake so. Jimla ɗaya da ta ambaci buƙatarsa da sunanta ta fi "na gode da gayyata" sau uku, domin tana gaya masa cewa kin karanta, ba gudu kike yi ba.

Na uku shi ne ƙin kansa, a fili, tare da dalili guda ɗaya na gaskiya. "Ba zan samu halarta ba, saboda albashi zan rufe kafin Alhamis." Shi ke nan. Kada ki jero dalilai. Mai dalili uku kamar mai neman a yarda da shi ne, kuma kowane dalili ƙofa ce da za a iya turawa: in kin ce ga albashi, ga kuma za ki banki, ga ciwon kai, sai a ce to a mayar da zaman yamma bayan kin dawo daga banki. Kada kuma ki ƙirƙiri uzuri. Ofis ƙaramin gari ne. Wanda ya ce yana asibiti aka gan shi a teburinsa ya zubar da abin da ya fi awa ɗaya tsada. Ban haƙuri sau ɗaya ya isa, in ya yi yawa sai ya sa mai karatu ya fara tunanin laifi aka yi masa.

Na huɗu, wanda shi ne zuciyar saƙon, madadin da kike bayarwa. Dole ya zo da abu, da rana, da lokaci. "Zan turo bayani daga baya" ba madadi ba ne, sallama ce kawai. "Zan turo taƙaitaccen bayanin abin da aka kashe da abin da ya rage gobe Talata kafin ƙarfe 4" shi ne madadi. Ki lura cewa rubutun yana isa kafin mitin, ba bayansa ba. In zaman zai gudana ba tare da ke ba, su shiga da lambobinki a hannu. In kira kike miƙawa, ki faɗi tsawonsa, ki ba da lokuta biyu a zaɓa, ki kuma ce ke za ki kira. Wanda ya ƙi zama shi ke ɗaukar ɗawainiyar madadin, ba a mayar wa mai gayyata da aiki.

Na biyar, ki bar ƙofa a buɗe, amma ƴar ƙarama. Ki ce in ya ga lallai sai kin zo, ya sanar da ke. Wannan yana mayar masa da girmansa, musamman in yana sama da ke, kuma galibi ba ya amfani da ita.

Ga yadda zai fito:

"Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Na gane abu biyu ake buƙata daga wajenmu: abin da ya rage a kasafin horo, da kuma batun ƙarin kuɗin ɗakin taro. Ka yi haƙuri, ba zan samu zaman Laraba ba, saboda albashi nake rufewa kafin Alhamis. Amma gobe Talata kafin ƙarfe 4 zan turo maka bayanin kasafin a rubuce, ka shiga zaman da shi. Batun ɗakin taro kuma ina ganin minti 15 a waya ya ishe mu. Zan iya kiran ka gobe ƙarfe 4 da rabi, ko Laraba ƙarfe 9 na safe, wanda ya fi maka. In ka ga akwai abin da sai na kasance a wurin, ka gaya mini in san yadda zan yi. Na gode."

Ki karanta shi da babbar murya kafin ki tura. In akwai wurin da za ki ji nauyin faɗa masa ido da ido, wurin yana buƙatar gyara. Kalmomin da ya kamata ki kiyaye su ne masu sukar taron kansa: "ba na ganin amfanin zaman", "wannan ai saƙo ya isa", "ɓata lokaci ne". Ko da gaskiya ne, ba aikin wannan saƙon ba ne. Ke dai ki yi maganar lokacinki da abin da za ki kawo.

Ta wace hanya za a tura

In gayyatar ta kalanda ta zo, ki amsa a can ma, don kada sunanki ya ci gaba da zama cikin waɗanda ake jira. A Google Calendar akwai "No", kusa da shi kuma akwai "Add note" da "Propose a new time". A Outlook akwai "Decline" da "Propose New Time". Shi wannan na neman sauya lokaci yana ba ki damar saka farko da ƙarshe, don haka za ki iya mayar da awa ɗaya minti 15, amma ya fi dacewa da zaman mutum biyu. A zaman mutum shida, neman a sauya lokaci kamar cewa ne kowa ya tashi saboda ke.

Abin da ba a yi shi ne danna "No" tsirara ga wanda ya girme ka. Saƙon da na'ura za ta kai masa cewa an ƙi gayyatarsa bai san gaisuwa ba. Ki fara tura saƙonki ta imel ko WhatsApp, ya amsa, sannan ki danna. Kuma ki tura masa shi kaɗai. Wanda ya danna "Reply all" ya ƙi gayyatar a gaban jama'a, ya kuma nuna wa sauran biyar ɗin hanyar zamewa, mai taro ba zai gode masa ba.

In shugabanki na kai tsaye ne ya kira zaman, salon yana sauyawa. Ba ki da hurumin ƙi, amma kina da hurumin nuna masa karon da aka samu, tunda aikin biyu duk nasa ne. In ofishinsa na kusa, tashi ki je, minti biyu ne. "Ranka ya daɗe, zaman Laraba ya haɗu da rufe albashi. In ka yarda in kawo maka bayanin a rubuce gobe, in ci gaba da albashin. In kuma ka fi son in zo, sai albashin ya kai Alhamis da rana." Kin ajiye masa zaɓi da farashin kowanne, shi zai yanke. Mafi yawan shugabanni ba sa son a ce su suka jinkirta albashi.

Mataki na huɗu: rubutaccen bayanin

Alƙawari kaya ne, kuma duk ladabin saƙon farko yana rataye ne a kan wannan. In kin ce Talata ƙarfe 4, to ya isa ƙarfe 4 ko kafin nan. Sau ɗaya kika saɓa, gayyata ta gaba ba za a karɓi madadinki ba, kuma da gaskiyarsu.

Bayanin ya zama wanda za a karanta a allon waya ba tare da an gaji da jan yatsa ba. Ki fara da amsar, ba da tarihi ba. Sannan abin da ya maƙale, sannan shawarar da ake jira da wanda zai yanke ta. A misalinmu:

"Kasafin horo, zuwa yau Talata. An ware naira 2,400,000. An kashe 1,650,000, saura 750,000. Cikin abin da aka kashe, akwai 180,000 na kuɗin mota da har yanzu ba a kawo rasit ɗinsu ba. Ina buƙatar su kafin Juma'a. Ɗakin taro an tsara shi a kan 150,000, yanzu suna neman 220,000, wato ƙarin 70,000. Kuɗin zai iya fita daga abin da ya rage, amma sai an rage daga abinci ko kayan rubutu, kuma sauya layin kasafi yana buƙatar sa hannun darakta. Ra'ayina a nemi farashin wani ɗaki guda kafin a amince. Cikakken lissafi yana cikin takardar da na haɗa."

Ki lura da "ra'ayina". Bayanin da ya jero lambobi kawai bai ce ga mafita ba yakan haifi wani mitin ɗin, domin mutane za su taru su tambayi juna me lambobin ke nufi. Ki lura kuma ba a tura takardar lissafi ita kaɗai a ce "ga shi nan a duba". Wannan mayar wa mutum da aiki ne.

Saƙon murya fa? Yana da amfaninsa, musamman ga wanda karatu a waya ke ba shi wahala ko wanda kullum yana kan hanya. Amma ba ya maye gurbin rubutu inda akwai lambobi, don ba a iya neman "180,000" a cikin murya, ba a kuma iya buɗe ta a tsakiyar zama. In za ki yi, kada ya wuce minti ɗaya, ya zama rakiya ga rubutun.

Mataki na biyar: riƙe kiran a minti 15

Gajeren kira ba ya gajarta kansa. Ki kira a kan lokaci. Ki gaisa sosai, a tambayi iyali da aiki, wannan minti ɗaya ne kuma ba asara ba ce. Sannan ki ɗaure maganar tun daga farko: "Malam, abu ɗaya ne a gabanmu, ɗakin taron nan, a biya ƙarin ko a nemi wani." In ya ɗauko wata magana, kamar kasafin shekara mai zuwa, ki ce kin rubuta ta, za ku sa mata lokaci bayan albashi. Saura minti biyu ki maimaita abin da aka tsayar, da wanda zai yi, da ranar.

Don mutum biyu, kiran waya na yau da kullum ya fi bidiyo. Ba a ɓata minti biyar ana "kana ji na?", ba a dogara da ƙarfin data. In abokin aikin yana wata ƙasa, ki rubuta lokacin da sunan gari: ƙarfe 9 a Kano ƙarfe 9 ne a Yamai, amma ƙarfe 8 ne a Accra, ƙarfe 11 a Nairobi.

Da an ajiye waya, ki tura layi biyu: "Kamar yadda muka yi magana, za ka nemo farashin wani ɗaki zuwa Alhamis, ni kuma zan shirya takardar sauya layin kasafi in ta kama." Maganar kuɗi da ta tsaya a baki kawai, bayan wata biyu kowa da yadda zai tuna ta.

Inda abin ke lalacewa

Wani lokaci amsar za ta dawo "duk da haka dai ki zo". Kada ki sake jayayya daga farko. Ki nemi rabi: a sa batun kuɗi farkon ajanda, ki zauna minti 15, ki nemi izini ki fita. Ki faɗi haka tun kafin zaman, don tashinki kada ya zama abin kallo. In akwai mataimaki a sashenku da ya san lissafin, tura shi ma hanya ce, da sharaɗin kin gaya masa iyakar abin da zai iya amincewa da shi.

Wani lokaci kuma shiru za ki ji. Shiru ba amincewa ba ne. Ki tura bayanin a lokacin da kika ɗauka, ki ƙara layi ɗaya kina tambaya ko ya isa ko akwai sauran abin da ake so.

Akwai alamun da ke nuna kin fara wuce gona da iri. In shawarwarin da suka shafi sashenki sun fara yankuwa ba ki sani ba, ko an daina saka sunanki a gayyata gaba ɗaya, ko mutumin da kuke wasa da dariya ya koma amsa miki da "to" kawai, to lokaci ya yi da za ki bayyana a zama na gaba, ki kuma zauna har a tashi. Ni a ganina bai kamata a ƙi gayyatar mutum ɗaya sau uku a jere ba, ko da kowane karo dalilin na gaskiya ne.

Sai zaman da ba a musanya su da kira ko rubutu ko kaɗan. Haɗuwar farko da sabon abokin hulɗa ko mai ba da tallafi tana cikinsu, domin a nan ake auna mutum, ba lambobi ba. Haka zaman sulhu, da zaman da za a tattauna kuskuren da ya fito daga teburinki, da na bincike ko ladabtarwa, da duk inda za a faɗa wa wani labari marar daɗi kamar rage ma'aikata. Wanda ya aika takarda a irin waɗannan, za a ɗauka ɓuya yake yi. In ɗayansu ya faɗo ranar rufe albashi, abin da za ki nema shi ne a ɗaga shi zuwa Alhamis da yamma ko Litinin, ki ba da lokuta biyu kamar yadda aka yi a sama, ki kuma faɗa a fili cewa kina son ki kasance a wurin da kanki.